Rage kitse ba tare da zubar da tsoka ba: tambayoyi da amsoshi kan giɓin kalori

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa daga bakin masu son rage ƙiba a nan Birnin Kebbi da kewaye, maza da mata. Kusan duk wanda ya zo ya riga ya gwada hanya guda: ya daina cin abincin dare, ko ya koma shan kunu da shayi, nauyi ya sauka da sauri, ƙarfi ya tafi, bayan wata biyu komai ya dawo har da ƙari. Amsoshin na baligi ne mai lafiya. Wanda ke da wata lalura ya fara karanta tambaya ta 12.

1. Mene ne giɓin kalori?

Kalori ma'auni ne na kuzarin da ke cikin abinci da wanda jiki ke ƙonawa. Jiki yana ƙona shi dare da rana, ko mutum yana barci, domin numfashi da bugun zuciya da ɗumin jiki da aikin ƙwaƙwalwa, sannan tafiya da aiki su ƙara a kai. Idan abin da ka ci a rana bai kai abin da ka ƙona ba, bambancin shi ne giɓi, kuma jiki zai cike shi daga ajiyarsa.

Ajiyar nan ba kitse kaɗai ba ce. Jiki yana iya ɗiba daga kitse, yana kuma iya warware tsoka ya ƙona ta. Abubuwa uku ne suka fi yanke hukuncin inda zai fi ɗiba: girman giɓin, yawan furotin da kake ci, wato sinadarin gina jiki da ke cikin kifi da nama da ƙwai da wake, da ko kana sa tsokar aiki mai nauyi. Sauran shafin nan a kan waɗannan ukun yake.

2. In dai sikeli yana sauka, me ya dame ni da tsoka?

Sikeli ba ya bambanta kitse da tsoka da ruwa. Mutum biyu za su iya rage kilo 8 kowanne, ɗaya tumbinsa ya sauka hannunsa na nan da ƙarfi, ɗaya kuma damtsensa da cinyarsa su zube, fuska ta faɗa, tumbin yana nan a gaba. Shi ne wanda ’yan uwa ke tambaya ko rashin lafiya ya yi.

Tsoka ce ke ɗaga buhu, ita ke tayar da kai daga tabarma ba tare da ka dafa bango ba, kuma ita ce babban wurin da sukarin jini ke shiga bayan an ci abinci. Ga mai shekara arba'in zuwa sama abin ya fi nauyi, domin tsoka tana raguwa da kanta da shekaru, kuma dawo da ita ya fi zubar da ita wuya nesa ba kusa ba. Kitse kuwa ba ya wahalar dawowa. Wanda ya rage da yunwa zalla ya koma cin da ya saba, yakan ƙare da nauyinsa na da, amma da ƙarancin tsoka da ƙarin kitse.

3. Ta yaya zan san abin da jikina ke ƙonawa a rana?

Akwai lissafin da masana abinci ke amfani da shi tun 1990, mai suna Mifflin-St Jeor. Yana ba da ƙiyasin abin da jiki ke ƙonawa in mutum yana kwance bai yi komai ba:

```
Namiji: (10 × kilo) + (6.25 × santimita) − (5 × shekaru) + 5
Mace:   (10 × kilo) + (6.25 × santimita) − (5 × shekaru) − 161
```

Sai a ninka amsar gwargwadon motsin mutum. Mai wuni a zaune, a ofis ko a shago, 1.2 zuwa 1.4. Mai yawan tafiya ko motsa jiki sau uku zuwa biyar a mako, kamar 1.55. Mai aikin ƙarfi wuni guda, irin manomin fadama lokacin dashen shinkafa ko mai lodi a kasuwa, 1.7 ko sama.

Mu ɗauki wani ɗan kasuwa mai shekara 38, kilo 92, tsawo santimita 174, yana wuni a shagonsa a babbar kasuwa, tafiyarsa ba ta wuce masallaci da komawa gida a kan babur. Lissafinsa 920 da 1,087.5, a cire 190, a ƙara 5, ya ba da kusan 1,820. An ninka da 1.4, ya zama kamar 2,550 a rana. Wannan ƙiyasi ne na farawa, yana iya kuskure da ɗari biyu ko uku ta kowane ɓangare. Mutane sun fi kuskure wajen zaɓar lambar motsi, kowa yana ganin ya fi yadda yake motsi. In kana shakka ɗauki ta ƙasa, sikeli zai gyara maka cikin mako uku (duba tambaya ta 8).

4. To nawa zan rage?

Ga yawancin mutane, kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na abin da suke ƙonawa, wanda yakan faɗa tsakanin kalori 300 da 500 a rana. Na fi son a yi da kashi cikin ɗari, domin 500 ba ɗaya ba ne ga kowa. Ɗan kasuwarmu mai ƙona 2,550, kashi 20 ɗinsa kusan 500 ne, zai ci kamar 2,050. Amma mace mai shekara 34, kilo 78, santimita 162, mai ƙona kusan 2,050, kashi 20 ɗinta 400 ne, za ta ci kamar 1,650. In ta kwaikwayi mijinta ko yayanta ta cire 700, ta yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na abincinta.

Yawan kitsen da ke jiki shi ma yana canza amsar. Mai kitse da yawa yana da ajiyar da za ta ɗauki giɓi babba, yana iya tsayawa a kashi 25 ba tare da tsoka ta taɓu sosai ba. Wanda ba shi da ƙiba can, ɗan tumbi kawai yake son ya sauke, ya tsaya a kashi 10 zuwa 15, domin da zarar kitse ya yi ƙaranci jiki ya fi saurin juyawa ga tsoka. Akwai kuma iyakar ƙasa da likitoci suka saba ba da shawara a kai: kada mace ta sauka ƙasa da 1,200, namiji ƙasa da 1,500, sai da kulawar likita.

5. Kilo nawa ya kamata in rage a mako?

Rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinka. Mai kilo 92, daga giram 450 zuwa 900 ke nan. Mai kilo 65, daga giram 300 zuwa 650. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700, saboda haka giɓin 500 a rana, wato 3,500 a mako, yana sauke ƙasa da rabin kilo kaɗan. Ɗan kasuwarmu da ke son komawa kilo 80 ya sa rai da wata shida zuwa takwas. Na san jin haka yana kashe wa mutane gwiwa, amma kilo 12 ɗin ba a wata guda ya tara su ba.

An gwada wannan a kan ’yan wasa a ƙasar Norway, aka buga sakamakon a 2011. Rukuni ɗaya an sa musu burin rage kashi 0.7 cikin ɗari a mako, ɗayan kashi 1.4, dukansu suna ɗaga ƙarfe. Masu tafiya a hankali sun sauke kitse kuma tsokarsu ta ƙaru, masu sauri kuwa ba su samu wannan ƙarin ba.

6. Me zai faru in na yanke rabin abincina don in gama da wuri?

Makon farko za ka ji daɗi, sikeli zai iya sauka da kilo biyu ko uku. Yawancinsa ruwa ne: jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka, kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram uku, in ajiyar ta ragu ruwan ya fita. Daga mako na uku sai jiki ya fara tsimi. Za ka rage motsi ba tare da ka sani ba, inda kake takawa ka hau babur, inda kake tsayuwa ka nemi benci. Giɓin 1,200 da ka lissafa a takarda ya ragu, tsoka tana tafiya, yunwa tana ƙaruwa har ranar da za ka zauna a gaban kwanon tuwo ka kasa tashi.

A 1944 zuwa 1945 an yi wani gwaji a jami'ar Minnesota ta Amurka ƙarƙashin Ancel Keys, inda samari 36 suka yarda aka rage musu kusan rabin abinci na mako 24. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, ƙarfinsu ya faɗi, suna jin sanyi, ba su da zance sai na abinci, kuma da aka sake su da yawa sun yi ta ci ba ƙaƙƙautawa. Ban da wannan, saukar nauyi da ta wuce kilo ɗaya da rabi a mako tana ƙara haɗarin samun tsakuwa a matsarmama.

7. Ba ni da sikelin awon abinci, kuma a kwano ɗaya muke ci. Ina zan samo 500 ɗin?

Ba sai ka auna komai ba. Ka auna abubuwan da ke ɓoye kalori da yawa a ɗan wuri, su ne mai da sukari da abin sha. Mai yana da kalori 9 a kowane giram, sitaci da furotin 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan 120 ne. Ƙaramin cokalin sukari 16. Robar lemo ta rabin lita kusan 210. Kofin dafaffiyar shinkafa kusan 200. Gyaɗa giram 100, abin da mutum zai cinye yana hira bai lura ba, ta haura 550.

Ga yadda ɗan kasuwarmu ya yi. A zafin Afrilu yana shan lemo roba biyu a shago, ya koma ruwan sanyi da zoɓo marar sukari: 420. Shayi sau biyu, kowanne cokali huɗu na sukari, ya mayar da shi ɗaya ɗaya: kusan 100. Shinkafa da wake da yake yi wa ambaliyar mai, ya rage cokali guda: 120. Da dare ya rage kamar rabin kofin shinkafa daga malmalarsa: 100. Jimilla 740. Daga nan ya mayar da kusan 280 ta hanyar ƙara dafaffen ƙwai biyu da yankan gasasshen kifi, saboda dalilin da ke tambaya ta 9. Giɓinsa ya tsaya kusan 460, kuma bai daina cin tuwo da iyalinsa ba.

Maganar kwano ɗaya kuwa, mafi sauƙi ka roƙi uwargida ko mama ta zuba maka naka daban a kwano guda da ba ya canzawa, don idonka ya saba da girmansa. Idan al'adar gida ko majalisa ba ta ba da dama ba, ka ƙirga loma, ka yawaita miyar kuka ko kuɓewa ko ganye, ka tsame hannu da wuri. Fura da nono ba laifi ba ce, amma a lissafa ta a matsayin abinci cikakke, a rage sukarin, kada a sha ta a kan abincin rana kamar ruwa.

8. Ta yaya zan gane giɓin da na zaɓa ya yi daidai?

Ka hau sikeli da safe bayan ka kewaya, kafin ka ci komai, aƙalla sau uku a mako, ka fitar da matsakaicin makon. Awon rana ɗaya ba ya nuna komai, domin gishiri da zafi da abin da ke cikin hanji suna iya motsa shi da kilo ɗaya. Mata kuma jiki yana riƙe ruwa gab da al'ada, saboda haka gara ki kwatanta makon nan da irinsa na watan jiya. A watsar da makon farko, a duba na biyu zuwa na huɗu.

Ka haɗa da abu biyu. Na farko, igiyar awon tela a kan cibiya sau ɗaya a mako. Na biyu, ƙarfinka a motsa jikin da kake yi. Idan nauyi yana sauka daidai da tambaya ta 5, ƙugu yana raguwa, ƙarfi yana nan, kada ka taɓa komai. Idan nauyi yana zuba fiye da kashi ɗaya cikin ɗari a mako, kuma jarkar ruwan da kake ɗagawa sau goma a motsa jikin tambaya ta 10 yanzu shida take gagararka mako biyu a jere, giɓin ya yi yawa, ƙara kalori 200 a abincinka na rana. Sauran alamun su ne jiri in ka miƙe, rashin barci, saurin fushi, zubar gashi, raguwar sha'awa, ko al'ada ta rikice. Idan kuwa mako uku ba sikeli ba ƙugu da ya motsa, duba tambaya ta 11.

9. Furotin nawa nake buƙata, kuma dole sai na sayi garin da ake sayarwa a gwangwani?

Giram 1.6 zuwa 2.2 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana shi ne abin da ke kare tsoka lokacin rage abinci. Mai ƙiba sosai ya lissafa da nauyin da yake son kaiwa. Ɗan kasuwarmu, kilo 80 sau 1.6, kusan giram 128. Ka lura giram na furotin ake nufi, ba nauyin naman ba: dafaffen kifi ko nama marar kitse giram 100 yana ba da furotin kusan 25, ƙwai ɗaya 6, kofin dafaffen wake kusan 13, rabin litar kindirmo kusan 17.

Mu a Kebbi ba mu da uzuri a nan, ga kifin Yauri da na Argungu, ga wake, ga nono. Ƙwai uku da safe, kofi ɗaya da rabi na wake da rana, karfasa ko tarwaɗa giram 200 da dare, kindirmo a tsakani, sun kai kusan 105, hatsin da ke cikin tuwo da biredi ya cike mafi yawan ragowar. Ba a buƙatar garin gwangwani. Ranar da aljihu ya yi sanyi, awara da busasshen kifi da ƙuli-ƙuli suna tsayawa, sai dai a tuna soyayyar awara tana shan mai, gara a sa ta a miya ko a gasa. Tsire da balangu a zaɓi jan nama a bar kitsen. Raba furotin ɗin sau uku a rana ya fi a tara shi duka da dare, kuma yana rage yunwa fiye da kowane irin abinci.

10. Tafiya da gudu ba su isa ba? Babu gidan motsa jiki a unguwarmu.

Tafiya tana ƙona kalori kuma tana da amfani ga zuciya, amma ba ta gaya wa jiki ya riƙe tsokar ƙirji da baya da hannu. Tsoka tana zama ne idan ana tilasta mata aiki mai nauyi. Sau biyu ko uku a mako, minti talatin zuwa arba'in, ya wadatar.

Jarkar ruwa ta lita 25 in ta cika kilo 25 ce, kuma kana iya rage ruwan ko ƙara shi yadda kake so. Rungume ta a ƙirji ka tsuguna ka miƙe. Sunkuya da bayanka a miƙe ka jawo ta zuwa ciki. Kifa ciki a tabarma ka ɗaga jiki da hannuwa, wanda bai iya ba ya fara da jingina da bango ko benci. Ɗauki jarka biyu ka yi tafiya da su a tsakar gida. Kowanne a yi shi sau 8 zuwa 15, a huta, a maimaita zagaye uku, da nauyin da zai sa biyun ƙarshe su yi wuya. Rubuta abin da ka yi a littafi, shi ne ma'aunin da tambaya ta 8 ke nufi. Mata su fara da galan na lita 5 ko 10, kuma babu tsoron jiki ya murɗe kamar na maza, hakan ba ya faruwa da wannan ɗan aikin. A watannin zafi a yi bayan asuba ko bayan magariba.

Barci ma yana cikin lissafi. A wani gwaji a Chicago da aka buga a 2010, mutane sun ci abinci mai giɓi iri ɗaya, amma lokacin da aka taƙaita musu kwanciya zuwa awa biyar da rabi maimakon takwas da rabi, kitsen da suka sauke ya ragu da fiye da rabi, asarar abin da ba kitse ba kuma ta ƙaru. Mai hira a majalisa har ƙarfe ɗaya ya tashi da asuba ya nemi ƙailula.

11. Nauyi ya tsaya cak bayan wata uku. In ƙara yankewa?

Kafin ka yanke, bincika abin da ya lallaɓo ya dawo: cokalin mai da ya ƙara girma, lemon biki, gyaɗar hira. Sau da yawa a nan matsalar take. Idan ba haka ba ne, to jikin ne ya ƙanƙance. Ɗan kasuwarmu a kilo 85 yana ƙona kusan 100 ƙasa da abin da yake ƙonawa a kilo 92, ga kuma tsimin da aka ambata a tambaya ta 6. Sai ya rage 100 zuwa 150, ko ya ƙara tafiyar minti talatin a rana, ya jira mako uku. Kada a taɓa furotin.

Wanda ya yi mako goma zuwa sha biyu yana ragewa kuma ya gaji, ya ɗauki mako ɗaya ko biyu yana cin daidai abin da yake ƙonawa. Sikeli zai hau da kusan kilo ɗaya, ruwa ne da abinci a ciki, zai sauka in an koma.

12. Su wa bai kamata su bi wannan lissafin da kansu ba?

Mai juna biyu ba ta rage abinci don rage ƙiba. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kusan 500 a rana saboda nono, ta jira ta yi magana da ma'aikatan asibiti. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin ko shan maganin da ke saukar da suga, rage abinci ba tare da an gyara maganin ba yana iya kayar da shi. Mai ciwon ƙoda kada ya bi adadin furotin na tambaya ta 9. Haka mai sikila, da yaron da bai kai 18 ba, da duk wanda ya taɓa fama da matsalar ƙin cin abinci ko tilasta wa kansa amai. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya rage komai ba, musamman da tari ko yawan fitsari da ƙishi, asibiti zai je a gwada shi.

Shayin rage teɓa da ake tallatawa, yawancinsa gudawa da fitsari yake sawa. Abin da ke fita ruwa ne, kitse yana nan, kuma a zafin Kebbi rashin ruwa a jiki haɗari ne ga ƙoda.

13. Yaya zan yi da azumi?

Lissafin bai canza ba, lokutan cin ne suka canza. A watan Ramadan wasu suna ƙara nauyi saboda ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai sukari a buɗa-baki, wasu kuma suna zubar da tsoka saboda sahur ɗinsu shayi da biredi ne kawai. Ka buɗe baki da dabino uku da ruwa, ka yi magariba, ka ci abinci mai kifi ko nama ko wake. Bayan tarawihi kindirmo ko ƙwai. Sahur ya zama mai furotin sosai, domin shi zai riƙe ka wuni. Giɓin ya zama ƙarami, kashi 10 zuwa 15, ko ma ka riƙe nauyinka kawai har bayan Sallah. Ɗaga jarkar a mayar da shi bayan an sha ruwa, sau biyu a mako ya isa, kuma awon sikeli a watan a yi shi a lokaci guda kullum, misali gab da magariba, don a kwatanta iri da iri.

Mai azumin Litinin da Alhamis ya duba jimillar mako. Idan burinsa giɓin 3,500 ne kuma kwana biyun nan sun ba shi 800 kowanne, saura 1,900 a raba wa kwana biyar, kusan 380 a rana, ya kuma sa ranakun ɗaga nauyinsa a Talata da Juma'a ko Asabar.